Rabon kuɗin tallar wata: nawa ga sababbin mutane, nawa ga bibiyar waɗanda suka riga suka leƙo?

Duk mai biyan kuɗin talla a Facebook da Instagram yana zuwa wannan mararraba. Ya buɗe Ads Manager, allon da ake saita talla da duba sakamakonta, ya ga tallar da ke bibiyar waɗanda suka taɓa leƙo shagonsa tana kawo ciniki da araha, ita kuwa wadda ke neman sababbin mutane tana cin kuɗi da yawa kafin ta kawo mai saye ɗaya. Sai zuciya ta raya masa ya kwashe kuɗin ya zuba a mai arahar. Wani kuma ya ce masa a'a, kashi 70 da 30 ake yi, ba tare da ya faɗi inda lissafin ya samo asali ba. A nan zan gwada rabo uku, wato 90 da 10, 70 da 30, da 40 da 60, inda adadi na farko na neman sababbi ne, na biyu kuma na bibiya. Abin da na tsaya a kai tun farko shi ne, yawan mutanen da ke cikin jerin bibiyarka, wato waɗanda suka taɓa leƙo ka, shi ke yanke iyakar kuɗin da bibiya za ta iya ci, ragowar kuma na neman sababbi ne.

Matakai uku na ciniki

Masu harkar talla suna kwatanta tafiyar mai saye da mazurari: baki faffaɗa a sama, ƙasa tsukakke. A sama akwai baƙi, waɗanda ba su taɓa jin sunanka ba. Ana kai musu talla ta hanyar zaɓen gari da shekaru kawai, ko ta abubuwan da suke sha'awa, ko ta Lookalike Audience, wanda Meta, kamfanin Facebook da Instagram, ke haɗawa daga masu kama da kwastomominka. Shi wannan yana bukatar aƙalla mutum 100 daga ƙasa ɗaya a jerin da za a kwaikwaya, kuma ana zaɓen faɗinsa daga kashi 1 zuwa kashi 10 na mutanen ƙasar da ake tallar.

A tsakiya akwai waɗanda suka nuna sha'awa: sun kalli rabin bidiyonka, sun shiga shafinka na Instagram, sun ajiye hoto, ko sun turo saƙo suna tambayar farashi suka yi shiru. Waɗannan ake tarawa a Custom Audience, wato jerin bibiya. Masu hulɗa da shafi da masu kallon bidiyo ana iya riƙe su har kwana 365, masu ziyartar shafin intanet kuwa, waɗanda Meta Pixel da ake dasawa a shafin ke ganowa, har kwana 180. A ƙasa kuma akwai waɗanda suka riga suka saya.

Kuɗin neman sababbi yana aiki a sama. Kuɗin bibiya yana aiki a tsakiya. Abin da ake yawan mantawa shi ne na tsakiyar ba haka kawai suke taruwa ba, tallar neman sababbi ce ke turo mafi yawansu. In ka rage ta yau, bayan makonni kaɗan jerin bibiya zai rame.

Ma'aunan da za mu duba

Na farko farashi, amma ba matsakaicin farashin da allo ke nunawa kaɗai ba. Tambayar da ta fi amfani ita ce: ƙarin naira dubu goma da na zuba a wannan ɓangare, ƙarin ciniki nawa ta kawo? Na biyu ɗorewa: idan aka ci gaba da wannan rabo wata biyu ko uku, sakamakon zai tsaya ko zai zube? Na uku sauƙin gudanarwa, wato yawan hotuna da bidiyon da sai an sake, da yawan sa ido da ake bukata. Na huɗu haɗari: ta ina rabon ke cutarwa, kuma yaya za a gane da wuri.

Akwai abu biyu na Meta da suka shafi kowane rabo. Kowane rukunin talla yana shiga lokacin koyo, kuma yana bukatar sakamako wajen 50, kamar hira ko ciniki, a cikin kwana bakwai kafin ya daidaita. In bai samu ba, za ka ga an rubuta Learning limited a gefensa. Sannan akwai Frequency, wato matsakaicin sau nawa mutum ɗaya ya ga tallarka. Shi ne yawan nunin talla a raba da yawan mutanen da ta kai wa.

Shagon da za mu yi lissafi da shi

Mu ɗauki wata mai sayar da shadda da atamfa a Kano, tana saro kaya a Kantin Kwari, tana tallata su a Instagram, ciniki kuma yana ƙarewa a WhatsApp. Alƙaluman da ke tafe na misali ne don lissafi ya fito fili. Kowa ya ɗauko nasa daga Ads Manager ya maye gurbinsu.

Ta ware naira 300,000 a wata, wato 10,000 a rana. Ta tuna cewa tun Janairun 2022 Meta ke ɗora harajin kashi 7.5 a kan tallace-tallacen masu biya daga Najeriya, saboda haka abin da zai fita daga aljihunta 322,500 ne. A wajen sababbi, nunin talla sau dubu, abin da allo ke kira CPM, yana cin naira 1,500. A wajen bibiya yana cin 2,500, domin ƙaramin rukuni ya fi tsadar kaiwa. Jerin bibiyarta na kwana 30 yana da mutanen da talla ke iya samu kusan 4,000. Kuma ta lura cewa duk nuni dubu ga sababbi yana ƙaro mutum 30 cikin wannan jeri.

Kafin a taɓa maganar kashi, ga lissafin da ya kamata a fara yi:

```
4,000 × 8 = 32,000
32,000 ÷ 1,000 × 2,500 = 80,000
```

Mutum 4,000 ne, kowa ya ga talla sau takwas a wata, wato sau biyu a mako. Hakan nuni 32,000 ke nan, kuɗinsa naira 80,000. Sau takwas ɗin nan ba doka ba ce ta Meta, ra'ayina ne a kan kaya irin su yadi, waɗanda mutum kan yi shawara kwana kaɗan kafin ya biya. Mai sayar da fili ko mota zai iya jan lokacin ya fi haka. Amma ma'anar a bayyane take: jerin wannan baiwar Allah yana iya cin wajen naira 80,000 zuwa 90,000 cikin lafiya. Duk abin da ya haura haka, mutanen nan 4,000 ɗin dai za a ci gaba da nuna wa talla ɗaya.

Rabon 90 da 10

Naira 270,000 ga sababbi, 30,000 ga bibiya. Mu ce kowace hira a WhatsApp daga baƙo tana cin naira 500, kuma cikin hira goma sha biyu ɗaya ke zama ciniki. Kowane ciniki ya tashi a 6,000, don haka sababbi sun kawo ciniki 45. Naira 30,000 ta bibiya ta sayi nuni 12,000, kowane mutum ya gani sau uku. Su ne cinikai mafi araha a duk watan, domin tallar tana fara samun waɗanda suka fi kusa da biya: mu ce 15, kowanne a 2,000. Jimilla 60.

Ta fuskar ɗorewa babu wanda ya kai shi. Nuni 180,000 ga sababbi yana ƙaro mutum 5,400, jerin bibiya yana girma. Gudanarwa ma da sauƙi, tunda talla ɗaya ta bibiya za ta iya yin wata ba ta gundiri kowa ba. Matsalarsa biyu ce. Naira 1,000 a rana da wuya ta kawo hira 50 a mako, don haka rukunin bibiyar zai zauna a Learning limited, sakamakonsa yau sama gobe ƙasa. Sannan ana barin ciniki a ƙasa: akwai mutanen da aka biya kuɗi aka jawo hankalinsu, tunatarwa biyu ko uku kawai suka rage musu, amma ba a kai gare su ba.

Rabon 70 da 30

Naira 210,000 ga sababbi ta kawo ciniki 35. Naira 90,000 ta bibiya ta sayi nuni 36,000, kowa ya gani sau tara, kusa da iyakar da muka lissafa. Mu ce ta kawo ciniki 30, matsakaici 3,000. Jimilla 65.

A nan ya kamata a duba ƙarin da aka yi. An ɗauke naira 60,000 daga sababbi, an rasa ciniki 10. An zuba ta a bibiya, an samu ƙarin 15, kowanne a 4,000. Tunda 4,000 bai kai 6,000 ba, sauyin ya biya. Ɗorewarsa ma ta yi daidai: nuni 140,000 ga sababbi yana kawo mutum 4,200, kusan adadin da ke fita daga jerin idan kwana 30 ɗinsu ya cika. Jerin ba ya girma sosai, amma ba ya ramewa.

Inda yake da nauyi shi ne aiki. Mutumin da zai ga tallarka sau tara ba zai jure hoto ɗaya ba. Ana bukatar aƙalla talla uku masu faɗin abu daban-daban, kuma su amsa dalilin da ya hana shi saye tun farko. Wanda ya tambayi farashi ya yi shiru, mafi yawanci tsoron a cuce shi yake yi, ko yana tunanin kuɗin aike, ko bai tabbatar da ingancin yadin ba. Bidiyon da ke nuna shaddar a hasken rana, da wanda ke nuna kaya an ɗaure an kai tasha, da wanda ke bayyana sharaɗin canji in kaya bai yi ba, sun fi maimaita tallar da ya riga ya gani. Haɗarinsa shi ne mutum ya riƙe 70 da 30 kamar karatu. Ya dace da wannan shago ne domin jerinsa 4,000 ne. Da 1,500 ne, naira 90,000 ɗin nan za ta sa kowa ya ga talla sau 24.

Rabon 40 da 60

Wannan shi ne rabon da allo ke ruɗin mutane su shiga, shi ya sa zan daɗe a kansa. Naira 120,000 ga sababbi ta kawo ciniki 20. Naira 180,000 ta bibiya ta sayi nuni 72,000, kowa ya gani sau 18. Masu niyyar saye sun riga sun saya a gani na biyar ko na takwas, saura kuwa ba yawan gani ne ya hana su ba. Mu ce an samu ciniki 36. Jimilla 56.

Abin da ke ɓatar da mai shago shi ne, idan ya duba allo zai ga cinikin bibiya a naira 5,000, na sababbi a 6,000. Har yanzu bibiya ce ke kama da mai araha, har ma ya ji kamar ya ƙara mata. Amma daga 90,000 zuwa 180,000, ƙarin naira 90,000 ciniki shida kacal ta ƙaro, kowanne a 15,000. Da an bar wannan kuɗi a wajen sababbi, da ciniki 15 ya kawo. Matsakaicin farashi yana ɓoye wannan asara domin yana cakuɗa cinikan farko masu araha da na ƙarshe masu tsada.

Wata na biyu ya fi muni. Nuni 80,000 ga sababbi mutum 2,400 kawai ya ƙaro. Kuɗin bibiya bai canza ba, don haka kowa zai ga talla sau 30, kusan kullum. Idan cinikin bibiya ya bi girman jerin, zai sauko daga 36 zuwa wajen 22, jimilla ta koma 42. A lokacin ne ake jin mai shago yana cewa talla ta daina aiki, ko kasuwa ce ta mutu, alhali shi ya toshe bakin mazurarin da hannunsa wata guda da ya wuce. Ga kuma mutanen da suka gaji suna ɓoye tallar, wasu ma su daina bin shafin.

Yana da wurin da yake da amfani, amma na ɗan lokaci. Mai yadi ya san teloli suna daina karɓar ɗinki tun Sallah da sauran kwanaki. Wanda ya yi watan Sha'aban yana tara masu kallo da masu tambaya zai iya karkata kuɗi ga bibiya a farkon azumi na kwana goma ko mako biyu, domin a lokacin jerin ya cika kuma mutane suna da dalilin yanke shawara da gaggawa. Bayan haka a koma.

| | 90 da 10 | 70 da 30 | 40 da 60 |
|---|---|---|---|
| Kuɗin sababbi | 270,000 | 210,000 | 120,000 |
| Kuɗin bibiya | 30,000 | 90,000 | 180,000 |
| Sau nawa ɗan bibiya ya gani | 3 | 9 | 18 |
| Ciniki a watan farko | 60 | 65 | 56 |
| Kuɗin talla kan ciniki ɗaya | 5,000 | kusan 4,600 | kusan 5,400 |
| Girman jeri a wata na biyu | 5,400 | 4,200 | 2,400 |
| Aikin sake tallace-tallace | kaɗan | matsakaici | mai yawa |
| Babban haɗari | barin ciniki a ƙasa | riƙe kashi ba lissafi | ramewar jeri da gundura |

Abin da allo ba ya faɗa

Ko a rabon da ya yi kyau, lambobin bibiya sukan fi gaskiyarsu kyau. A tsarin da Meta ya saba sakawa, ana jingina wa talla sakamako idan mutum ya danna ta cikin kwana bakwai ko ya gan ta cikin kwana ɗaya kafin ya aikata. To 'yan bibiya dama mutane ne da ke kan hanya. Matar da ta riga ta yanke za ta saya in albashi ya shigo, talla ta gifta mata da safe, ta turo saƙo da yamma, sai bibiya ta karɓi yabo a kan cinikin da zai faru ko babu ita. Tallar sababbi da ta fara nuna mata kayan makonni uku baya ba ta samun komai a lissafin.

Ga mai rufe ciniki a WhatsApp akwai ƙarin giɓi, domin allo hira yake ƙirgawa, ba ya ganin kuɗin da ya shiga asusun banki. Maganinsa littafi ne. A yi amfani da alamomin WhatsApp Business a ware wanda ya tambaya da wanda ya biya, kuma a sa saƙon farko na kowace talla ya bambanta, yadda da ganin saƙon za a san daga wace talla mutum ya fito. Sannan a yi gwaji mai sauƙi: a dakatar da bibiya mako biyu a lokacin da ba na biki ba kuma ba ƙarshen wata kaɗai ba, a bar ta sababbi yadda take, a ƙirga jimillar ciniki daga littafi. Idan bibiya tana iƙirarin ciniki 15 a mako biyu amma jimilla ta ragu da takwas kawai, to takwas ne ainihin aikinta, kuma da wannan adadi za a sake lissafin farashi.

Masu dogaro da shafin intanet su ƙara sanin cewa tun da Apple ya fito da iOS 14.5 a Afrilun 2021, masu iPhone da suka ƙi a bi sawunsu ba sa shiga jerin Meta Pixel yadda suke shiga a da. Jerin masu kallon bidiyo da masu hulɗa da shafi bai fuskanci wannan matsala haka ba, tunda a cikin manhajar ake tara shi. Ga mai sayarwa ta Instagram, shi ne tushen bibiya mafi aminci.

Abu biyu na saiti suna iya rushe duk rabon da ka tsara. Idan ka haɗa sababbi da bibiya a kamfe ɗaya ka kunna Advantage+ campaign budget, Meta ne zai raba kuɗin, ba kai ba. Mai son riƙe rabonsa ya ba kowane ɓangare kasafinsa daban. Sannan a cire 'yan bibiya da waɗanda suka saya kwanan nan daga tallar sababbi, a cire waɗanda suka saya daga tallar bibiya. In ba a yi haka ba, kuɗin sababbi zai riƙa zagayowa kan tsofaffin fuskoki. A kuma duba Advantage+ audience, domin yana ɗaukar jerin da ka ba shi a matsayin shawara, yana iya fita wajensa. Alamar hakan ita ce ka ga Reach na tallar bibiya, wato yawan mutanen da ta kai wa, ya zarce girman jerinka nesa ba kusa ba.

Wane rabo ya dace da wa

Sabon shago, ko wanda jerinsa bai kai mutum dubu ɗaya ko biyu ba, ya tsaya a 90 da 10. In kuɗinsa na wata bai wuce naira 100,000 ba, a ganina kada ma ya raba. A hira ɗaya naira 500, hira 50 a mako tana cin 25,000, wato duk kuɗin watan ke nan a rukuni ɗaya. Ya zuba su a neman sababbi, bibiyar kuma ya yi ta da hannu: saƙon tunatarwa ɗaya ga wanda ya tambaya ya yi shiru, da sa kaya a WhatsApp Status, duk ba sa cin ko sisi.

Shagon da ya kafu, mai jerin 'yan dubbai da ke sabuntawa kowane wata, kuma mai iya fitar da sababbin bidiyo duk mako biyu, shi ne na 70 da 30 ko kusa da haka. Ya riƙa sake lissafin iyaka a farkon kowane wata. Idan Frequency na kwana bakwai ya haura uku kuma farashin hira yana hawa, ya rage bibiya ya mayar wa sababbi. Idan bai kai ɗaya da rabi ba kuma jerin yana girma, ya ƙara mata a hankali, domin babban canji a kasafi yana iya mayar da rukunin cikin lokacin koyo.

Rabon 40 da 60 na mai babban jeri ne da bai taɓa bibiya ba, kamar shagon da ya shekara yana tara masu kallo ba tare da talla ba, ko na mai gajeren lokaci irin farkon azumi, lokacin bukukuwan ƙarshen shekara, ko ranakun karya farashi don kwashe tsohon kaya. Mai shiga cikinsa ya sa ranar fita tun kafin ya fara, kuma ya rubuta girman jerinsa a ranar farko don ya gwada da na ranar ƙarshe.

Mai sayar da kaya masu tsada, kamar kayan ɗaki ko injin sola, lissafinsa ɗaya ne amma da tazara mai tsawo: jeri na kwana 90 maimakon 30, gani sau ɗaya a mako maimakon biyu. Mai kayan da ake sake saye, irin turaren wuta ko man shafawa, ya yanki wani abu daga kason bibiya don tsofaffin kwastomomi, ya saita tallar ta same su daidai lokacin da na hannunsu ke gab da ƙarewa.